Sirka bilic don wanke daɓe da banɗaki

Bilic ruwa ne mai ɗauke da sinadarin sodiyam haifokulorait, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta kuma yake cire launi. A Najeriya an fi kiransa Haifo ko Jik, sunayen da ke jikin robobinsa, a Nijar kuma jabel. Ba a amfani da shi tsagwaronsa, sai an sirka shi da ruwa gwargwadon ƙarfinsa.

Yadda ake sirkawa

Ana rubuta ƙarfin bilic a jikin roba. Na gida yakan kasance 3.5% zuwa 6%, na masana'antu kuma yakan wuce 10%. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar 0.1% don goge daɓe da banɗaki, da 0.5% inda jini ya zuba.

Ana raba ƙarfin da ke jikin roba da ƙarfin da ake so, sannan a cire ɗaya. Abin da ya rage shi ne yawan awon ruwa. Misali, idan bilic ɗin 3.5% ne, an raba shi da 0.1 ya ba da 35, an cire ɗaya saura 34. Wato awo ɗaya na bilic, awo 34 na ruwa. Don samun lita 10 na haɗin, ana buƙatar kusan mililita 290. Idan mai ƙarfin 5% ne, mililita 200 ya isa.

Ana fara wanke wurin da sabulu a ɗauraye, domin datti yana cinye ƙarfin bilic. Daga nan sai a shafa haɗin, a bar shi da danshi kamar minti biyar, sannan a ɗauraye. Da ruwan sanyi ake sirkawa, kuma a haɗa sabo kullum, saboda zafi da hasken rana suna raunana shi.

Abubuwan da yake lalatawa

Tayil mai ƙyalli da tangaran ɗin masai suna jure haɗin. Dutsen mabul da daɓen tarazo kuwa sukan dushe, santsinsu ya tafi. Alminiyam da tagulla suna canza launi, ƙarfen famfo mara tsatsa ma yakan yi ƙananan ramuka idan bilic ya daɗe a kansa. Katako yakan koɗe, roba ta tsattsage. Kafet mai launi, fata, ulu da siliki suna yin tabon da ba ya fita, domin launin ne ya mutu.

Haɗari

Ba a haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, domin iskar kulorin mai guba za ta tashi. Haka ma amoniya, har da fitsarin da ya taru. Alamun su ne tari, zafin ido da sarƙewar numfashi. Wanda ya ji haka ya fita waje nan take, idan bai lafa ba a kai shi asibiti. Ana aikin da safar hannu, taga kuma a buɗe.