Kafin ka aika wa masana'anta aikin dinki

Telan unguwa kan auna ka da hannunsa. Masana'anta kuwa ba ta san ka ba, takarda kawai take bi, shi ya sa ake hada mata kundin umarni.

Mu dauki riga mai gajeren hannu. Ana zana ta a shimfide, gaba da baya, baki da fari, ba mutum a ciki, a nuna layin dinki da dige-dige.

Wurin awo ne aka fi yin asara. Ka rubuta "kirji santimita 52" ka yi shiru, wani zai auna daga hammata, wani daga kasa da ita. Sai ka fayyace: a shimfide rigar, a sauko santimita 2.5 daga hammata, a auna daga gefe zuwa gefe. Ka kuma fadi kuskuren da za ka lamunta, kamar santimita 1 sama ko kasa, domin yadi na mikewa. In samfuri ya zo da 54, ka mayar da shi.

Bayanin dinki shi ke fadin fadin kalmasa, irin zare, da inda za a lika lamba.