Buɗe shagon gyaran salula a Arewa: a fara da bakin caji da gilashi

'Yan uwa da ke ci-rani a Yamai, Kwatano ko Legas sukan tambaye mu: in za a aiko wa ƙane jari ya buɗe shagon gyaran salula a Dogon Dutsi ko Tibiri, me za a fara saye? Amsarmu ita ce, kada a zuba kuɗin ga manyan injuna. Aikin da ke ciyar da sabon mai gyara a nan shi ne bakin caji, batir da gilashin da ya fashe, galibi na Itel, Tecno da Infinix.

Kayan farko ba su da yawa: ƙananan sukundireba, hantsaki, ƙarfen narka dalma, dalmar da man da ke sa ta kama, ruwan alkol da burushi, sai na'urar awon wuta, miltimeta. Injin iska mai zafi yana iya jira har hannu ya faɗa, don shi ne ke ƙone allon wayar mutane a hannun ɗan koyo. Inda wutar NIGELEC ba ta kai ba, ko tana yawan ɗaukewa, a sa faifan sola da batir cikin lissafin jari tun farko.

Mu ɗauki wayar da aka kawo ana cewa "ba ta ɗaukar caji". Kada ka ce komai a kan kuɗi tukuna. Gwada ta da cajarka da igiyarka waɗanda ka san lafiyarsu, don sau da yawa igiyar mai ita ce ta mutu. In ba ta motsa ba, haska ramin cajin. Ƙurar hunturu da zaren aljihu kan dunƙule a ciki su hana igiya shiga ƙarshe. A kashe wayar, a share da burushi da alkol. Sai awo: caja tana ba da bolt 5, batir mai lafiya kuma yana tsakanin 3.7 da 4.2 ko sama kaɗan. In ya yi ƙasa da 3, ya zube ƙwarai. In ya kumbura, a canza shi kawai, kada a huda, yana iya kama wuta. In batir lafiya lau amma bolt 5 ba ta wuce bakin caji zuwa allo ba, to bakin ne. A wayoyi da yawa yana kan wani ɗan ƙaramin allo a ƙasa wanda ake cirewa dungurungum a sa sabo. Wannan ya fi narka dalma sauƙi.

Kayan canji kuwa daga Yamai suke zuwa ta babban titi, ko daga Najeriya ta Birnin Konni da Illela zuwa Sakkwato, wasu har kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Wanda ya ga rufe iyaka daga 2023 zuwa Maris 2024 ya san hanya guda ba abin dogaro ba ce, a riƙe dillali a kowane ɓangare. Ƙananan abubuwa masu araha, irin su bakin caji, sifika da makurofo, a saye su da yawa. Gilashi kuwa a yi odarsa sai an samu mai so, kuma da lambar samfurin wayar, ba da suna kawai ba. Cewa "Spark" bai isa ba, iri-iri ne. In ya iso, a jona shi a gwada hoto da taɓi kafin a cire ledarsa ko a sa gam, don dillalai ba su cika karɓar wanda aka manna ba.

Ga misalin lissafi, ba farashin kasuwa ba. A ce gilashi jika 8 ne, kuɗin mota 500, gam da wuta 500. Ka ƙara jika 1 ta asara, saboda wata rana wani zai fashe a hannunka, sannan ladan aikinka jika 2. Jika 12 ke nan. In da naira aka sayo, a lissafa da canjin ranar da za a sake sayen wani, in ba haka ba jarin zai narke a hankali. A karɓi kuɗin gilashin kafin a yi oda.

A gari irin namu, wayar da aka share wa ƙura aka karɓi kuɗin sabon baki, labarinta zai kai fada kafin magariba. Don haka a yi awo gaban mai waya, a faɗi kuɗi kafin a kwance, a ce masa: "Baba, ga tsohon da muka cire, riƙe abinka." Ya tafi da layinsa da katin memori, kuma hotuna da saƙonninsa ba hurumin mai gyara ba ne. A rubuta suna, matsala da lambar IMEI a littafi, tana fitowa in an danna *#06#. In aka kawo waya a kulle ana so a buɗe, babu kwali, babu rasit, kuma ba a san mai ita ba, a ba shi haƙuri ya tafi da ita, don wayar sata tana iya kai mai shago gaban jandarma.