Yadda Ake Haɗa Sifika Biyu Su Zama Hagu da Dama

Masu sifikar Bulutut biyu iri ɗaya kan yi kuskuren haɗa kowacce da waya daban. Waya ɗaya ce kawai za ta riƙe, ita kuma ta miƙa wa 'yar'uwarta rabonta na sauti. Kashe Bulutut ɗin wayar, kunna su biyun, danna maɓallin TWS a ɗaya har ka ji ƙarar haɗuwa, sannan ka haɗa wayar da wadda ka danna.

A ƙaramin ɗaki, tazarar mita ɗaya da rabi ta isa, ka zauna daidai tsakiya. Kada ka cusa su a kusurwa, gangar takan yi kauri ta danne muryar mawaƙi. Idan ka ji muryar tana fitowa daga tsakaninsu, haɗin ya yi.