Jarrabawar 'yar mai abinci: me ya sa wanke hannu yake da matakai?

A wata rumfar abinci da ke bakin kasuwa a Kano, uwa ce ke tuƙa tuwo tana zuba shinkafa da wake, 'yarta budurwa kuma ita ke karɓar kuɗi, ta kai wa masu shago kwano, ta dawo ta yanka salak da tumatir. Da duba-gari suka zagayo suka ce duk mai taɓa abincin sayarwa sai ya je horo ya ci jarrabawar tsafta, uwar ta ce, "Ke, 'yar nan, ke kika yi boko. Je ki ji abin da za su ce."

Yarinyar ta tafi da ƙarfin gwiwa. A ganinta, mai alwala sau biyar a rana ba ta buƙatar a koya mata wanke hannu. Tambayoyin takarda ba su ba ta wahala ba. A gwajin aiki ne aka sami matsala. Jami'ar da ke kula da su ta ɗiga mata manja a tafin hannu, ta ce ta murza ko'ina har bayan hannu, sannan ta rufe ido ta wanke yadda ta saba a rumfa. Ta shafa sabulu, ta murza tafi da tafi sau uku, ta ɗauraye, ta kai hannu za ta goge da zaninta.

"Tsaya, 'yata," in ji jami'ar. "Buɗe idonki ki duba."

Tafin hannun ya fita fes. Amma ga jan manja kwance a gindin babban yatsa, ga shi a tsakanin yatsu, ya zagaye farce, ya maƙale a ƙarƙashin zobenta. Jami'ar ta ce mata nan ne ƙwayoyin cuta suke zama, bambancin kawai su ba su da launi.

Daga nan aka bi matakan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da dalilinsa. Ana fara cire zobe da awarwaro, a jiƙa hannu da ruwa mai zuba, domin sabulu ba ya kumfa a busasshiyar fata. Sai sabulun. Mutane da yawa suna zaton aikinsa kashe ƙwayar cuta ne, alhali babban aikinsa ɓamɓaro ta. Fatar mutum tana da maiƙo, mai abinci kuma nata ya fi yawa, ƙwayoyin cuta suna manne a cikinsa, ruwa zalla kuma ba ya haɗuwa da mai. Sabulu yana kama maiƙon ta gefe guda, ya kama ruwa ta ɗaya gefen, ruwan ya tafi da su gaba ɗaya.

Murzawa ita ce inda aka fi yin ha'inci. Ana so a yi daƙiƙa 20 aƙalla ana cuɗa hannu da kumfa: tafi da tafi, bayan kowane hannu, yatsu a sarƙe cikin juna, babban yatsa a damƙe shi a juya, sannan a goga kan yatsu a tsakiyar tafi don kumfa ta shiga ƙarƙashin farce, a gangaro wuyan hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aikin duka, daga jiƙawa zuwa busarwa, yana cin daƙiƙa 40 zuwa 60. Yarinyar ta ƙirga nata na farko a zuci, ta ga ko goma bai kai ba.

Abin da ya fi girgiza ta shi ne matakai biyu na ƙarshe, domin su ne suka taɓa rumfarsu kai tsaye. A rumfar akwai roba guda ta ruwa da kowa ke tsoma hannu a ciki tun safe, da tsumma guda a rataye da kowa ke gogewa da shi. Jami'ar ta bayyana cewa duk dattin da ya bar hannun mutum na farko yana nan cikin ruwan yana jiran na biyu. Dole ruwan ɗauraya ya zubo daga sama ya wuce, daga famfo ko buta, wani ya zuba maka. Busarwa kuma ba ado ba ce: jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe ɗauka da raba ƙwayoyin cuta. Tsumman da ya wuni a jiƙe cikin zafin Kano, ko zanin da aka zauna da shi a kan benci, yana mayar wa hannu abin da sabulu ya cire. In babu tawul mai tsafta ko takardar goge hannu, gara a yarfe hannu a bar iska ta busar da shi.

Me ake gudu a duk wannan? Taifot, kwalara da yawancin cututtukan gudawa hanyarsu ɗaya ce, daga bayan gidan wani zuwa bakin wani, hannu ne kuma yakan yi musu dako. Mutum zai iya warkewa daga taifot ya ci gaba da fitar da ƙwayar a bayan gidansa ba tare da ya ji komai ba, shi ya sa ake gwada masu abinci ko da sun ga lafiyarsu ƙalau. Akwai kuma wata ƙwaya, sitafilokokus, da ke zaune a hanci da fatar mutane masu lafiya da cikin ƙurji. Idan ta sauka daga hannu zuwa dafaffiyar shinkafa aka bar ta a ɗumi-ɗumi, sai ta hayayyafa ta saki guba. Ɗumama abincin yana kashe ƙwayar, amma ba ya lalata gubar. Wanda ya ci zai fara amai cikin 'yan sa'o'i, alhali abincin bai yi wari ba, ɗanɗanonsa bai sauya ba.

Nan yarinyar ta gane cewa hannunta ya fi na uwarta haɗari. Abin da uwar ta taɓa yana shiga tukunya ya tafasa. Salak, albasa da tumatir da ita take yankawa, bayan ta gama ƙirga canji, ba sa ƙara ganin wuta. Da aka sake gwada ta, ta bi matakan a jere, ta kuma lissafa lokutan da wanke hannu ya wajaba: kafin taɓa abinci, bayan fitowa daga bayi, bayan taɓa ɗanyen nama ko kifi, bayan fyace majina, bayan kwashe shara da ƙirga kuɗi. Ta ci jarrabawar.

Da ta koma, uwar ta ce, "Shekara nawa ina sana'ar nan, wa ya taɓa mutuwa?"

"Umma, wanda cikinsa ya ɓaci ba ya dawowa ya faɗa mana. Rumfar gaba kawai yake komawa."

Sun raba aiki: mai zuba abinci ba ta taɓa kuɗi, sai da cokali ko ludayi take ɗiba. An ɗauke robar tsoma hannu, an ajiye bokiti mai famfo da sabulu, da wani bokitin a ƙasa yana tare ruwan datti.

Sai dai wanke hannu yana da iyakarsa. Ba ya gyara abincin da ya wuce sa'o'i 2 a ajiye ba a kan wuta ba. Dafaffen abinci ana so ya zauna da zafinsa sama da digiri 60. Ba ya halatta wa mai gudawa ko amai ta tsaya a kan tukunya. Hutawa za ta yi har ta warke. Kuma duk matakan nan sun dogara ne ga ruwa, wanda mai abinci take saye jarka-jarka a hannun 'yan garuwa. Ƙaramar hukumar da ke karɓar harajin rumfa, take kuma tura duba-gari su nemi takardar shaida, ita ya kamata ta kai famfo da bayi mai sabulu cikin kasuwa, domin abin da aka koyar a ɗakin jarrabawa ya yiwu a aikace.