Satifiket ɗin da kwastoma ke nema da sunansa

Matasa da yawa da ke neman aikin kwangila a dandalin Upwork ko Fiverr suna fara wa ne da tara takardun shaida. Za ka buɗe shafin mutum ka tarar ya jera satifiket goma sha wani abu: na kwas ɗin talla, na kwas ɗin shugabanci, na halartar wani taron bita da aka yi ta intanet. Wata uku, wata huɗu, babu wanda ya ce masa ko sannu. Kusa da shi kuma ga wani da takarda ɗaya tak, amma ana turo masa gayyatar aiki. Bambancin yana cikin abin da mai ba da aikin ya rubuta a akwatin bincike kafin ya ga fuskar kowa.

Mai ƙaramin kamfani a Amurka ko Birtaniya ba ya shiga Upwork don neman "haziƙin matashi mai ilimi". Yana shiga ne da matsala a hannu, kuma matsalar tana da suna. Littafin kuɗinsa yana cikin QuickBooks, ya rikice. Tallarsa tana kan Google Ads, tana cin kuɗi ba ciniki. Manhajarsa tana zaune a kan AWS, kuɗin wata ya ninka. Sunan wannan kayan aikin shi yake bugawa. Kamar mai Toyota ne da ya shiga layin makanikai: wanda ya san Toyota yake tambaya, bai damu da wanda ya karanci injiniyanci gaba ɗayansa ba. Don haka takardar da ke aiki ita ce wadda kamfanin da ya ƙera kayan aikin ya bayar da kansa, mai ɗauke da sunan da kwastoman ya riga ya sani.

A nan ne ya kamata a raba takardu gida biyu. Akwai shaidar kammala kwas, irin wadda ake samu a Udemy ko Coursera bayan an kalli bidiyo an amsa tambayoyi. Ilimin cikinta yana iya zama mai kyau ƙwarai, kuma ban raina shi ba, amma da wuya ka ga tallar aiki da ta ambaci sunanta. Akwai kuma shaidar ƙwarewa da ake zana wa jarrabawa, wadda take da ranar ƙarewa, kuma ana iya bincika sahihancinta. Irin wannan ce ke fitowa a tallar aiki: QuickBooks ProAdvisor da takardar Xero ga masu lissafin kuɗi, Google Ads da HubSpot ga masu talla, AWS Certified Solutions Architect ga masu kula da sabar intanet, Salesforce Administrator, da PMP ga masu jagorancin ayyuka. Shi kansa Upwork ya taɓa samun gwaje-gwajensa na cikin gida, ya janye su a 2019, bayan amsoshinsu sun cika intanet har makin ya daina nuna komai.

Bari mu ɗauki fanni ɗaya mu bi shi daki-daki, wato riƙon littafin kuɗi, domin yana cikin waɗanda takarda ke da tasiri a fili.

A ce wata matashiya ce a Kano, ta karanta akanta, tana ma kan hanyar ICAN. A gida wannan abin alfahari ne. Amma mai shagon gyaran lambu a Texas bai taɓa jin ICAN ba, kuma ba zai tsaya tambaya ba. Abin da ya sani shi ne QuickBooks, domin duk wata yana biyan kamfanin Intuit kuɗinsa. Matakin farko gare ta shi ne ta buɗe asusun QuickBooks Online Accountant, wanda kyauta ne, ta bi darussan da ke ciki, ta zana jarrabawar ProAdvisor. Ita ma jarrabawar kyauta ce, ana buƙatar kashi 80 cikin ɗari, kuma ana sabunta takardar duk shekara. Idan kwastomomin Birtaniya, Ostareliya ko New Zealand take hari, to Xero ya fi yawa a can, takardarsa za ta nema.

Samun takardar rabin aiki ne. Saura shi ne inda aka ajiye ta. Da yawa suna cusa ta a can ƙasan shafi, a sashen Certifications, inda sai wanda ya riga ya yi sha'awar mutum ne zai gangara. Kwastoma kuwa idan ya yi bincike, abin da yake gani a jerin sunaye shi ne hoto, taken aiki, farashin awa, da 'yan layukan farko na bayani. Saboda haka taken nata ya kamata ya ƙunshi ainihin kalmomin da shi yake bugawa, misali `QuickBooks Online ProAdvisor | Cleanup & Reconciliation`. Ba don ado ba: injin binciken dandalin yana haɗa kalma da kalma ne, kuma idon mutum ma haka yake yi.

Yanzu ga tallar aiki ta fito. Mutumin ya rubuta cewa wata shida ba a daidaita littafinsa da takardar banki ba, kuma rahoton riba yana nuna kuɗin shiga da shi ya san bai samu ba. Masu nema za su yi yawa, kuma rabinsu suna da ProAdvisor ɗin nan. A wannan gaɓar takardar ta gama nata aikin, ta shigar da ita cikin waɗanda za a karanta. Abin da zai fitar da ita daga cikinsu shi ne ta nuna ta gane ciwon tun a layi biyu na farko, domin su kaɗai kwastoma ke gani kafin ya buɗe saƙon.

Wanda ya taɓa aikin ya san abin da yakan jawo irin wannan kumburin. A ce kwastoman mai shagon ya biya dala 2,000 kan wani rasit. An rubuta biyan a QuickBooks, kuɗin ya zauna a asusun wucin gadi mai suna Undeposited Funds. Bayan kwana biyu kuɗin ya bayyana a bayanan da banki ke turowa kai tsaye. Maimakon a haɗa shi da biyan da aka riga aka rubuta ta hanyar Match, sai mai shagon ya shigar da shi a matsayin sabon ciniki. Dala 2,000 ta zama 4,000 a rahoto. Aka yi haka wata shida. Alamar ita ce asusun Undeposited Funds ya cika da tsofaffin kuɗaɗe da ba su taɓa fita ba. Idan matashiyar ta buɗe saƙonta da tambayar ko akwai tarin kuɗi a wannan asusun, ta kuma ce za ta fara da daidaita wata ɗaya a kan farashi ƙayyadadde kafin a yi maganar sauran biyar, mutumin zai ji cewa ya samu wadda ta san abin da take yi. Sai a layi na uku ta ambaci takardarta, ta sa mahaɗin da zai danna ya tabbatar.

Mai farawa yakan ce ba shi da aikin da zai nuna. Intuit yana da kamfanin gwaji a buɗe, Craig's Design and Landscaping Services, wanda kowa zai iya shiga ya yi atisaye. Ana iya daidaita asusu a ciki, a ɗauki hoton rahoton, a sa a shafi, a rubuta ƙarara cewa aikin gwaji ne. Wannan ya fi satifiket biyar na halartar taro amfani.

Akwai iyaka da dole a sani, kuma a nan mutane ke jefa kansu cikin matsala. ProAdvisor shaida ce ta iya sarrafa manhaja, ba lasisin haraji ba ce. Idan talla ta ce ana neman CPA ko Enrolled Agent, to mutumin yana nufin wanda doka ta yarda ya tsaya masa a gaban hukumar harajin Amurka, IRS. Wanda ba shi da wannan ya bar tallar ta wuce. Kowace takardar neman aiki a Upwork tana cin Connects, waɗanda ake saye da dala, kuma zuba su a kan aikin da ba za a taɓa ba ka ba asara ce tsagwaronta.

Sauran fannonin ma haka lissafin yake, sai dai kuɗin ya bambanta. Jarrabawar Google Ads a Skillshop kyauta ce, takardar tana aiki shekara ɗaya. Saboda sauƙin samunta, kusan duk mai neman aikin talla yana da ita, don haka rashinta ne ake lura da shi, samunta ba ya burge kowa. Kwastoman talla abin da yake son gani shi ne nawa aka kashe, nawa ya dawo. Ta AWS Solutions Architect a matakin Associate dala 150 ce, tana aiki shekara uku, kuma ana zana ta ƙarƙashin sa ido ta hannun Pearson VUE, ko a cibiya ko a gida da kyamara a kunne. Wannan tsaurin ne ya ba ta nauyi. Wanda ke zaune inda wuta da intanet ba su da tabbas, gara ya je cibiya, domin yankewar layi a tsakiyar jarrabawa tana iya lalata zaman gaba ɗaya. PMP kuwa ba ta mai farawa ba ce: hukumar PMI tana neman shekarun gogewa a jagorancin ayyuka da horo na awa 35 kafin ma a yarda mutum ya zauna.

Kafin a kashe ko sisi, akwai gwajin da kowa zai iya yi a yammaci ɗaya. A shiga sashen neman ayyuka, a buga sunan takardar, a karanta talla talatin na baya-bayan nan. A duba a cikin nawa aka rubuta ta a matsayin sharaɗi, a cikin nawa aka ce "idan akwai ya fi", a cikin nawa kuma sunan manhajar kawai ya fito ba maganar takarda. A duba farashin da suke bayarwa da ƙasashen da suke. Idan takardar ba ta fito a bakin masu biya ba, to masu sayar da kwas ne kaɗai ke tallarta.

Abubuwa biyu ke zubar da mutuncin mutum da sauri. Na farko tsohuwar takarda: wanda har yanzu yake nuna shaidar Universal Analytics, alhali Google ya daina karɓar bayanai a tsarin tun 1 ga Yulin 2023 ya koma GA4, ya faɗa wa kwastoma da bakinsa cewa an bar shi a baya. Na biyu takardar da wani ya zana wa mutum, ko wadda aka gyara da kwamfuta. AWS da wasu kamfanoni suna ba da tambarinsu ta Credly, inda dannawa ɗaya ke nuna suna da ranar ƙarewa. Ko an tsallake wannan, aikin farko zai tona asiri, kuma mummunan sharhi ɗaya a sabon shafi yana da wuyar gogewa.

Tasirin takardar ma yana raguwa da lokaci. Da zarar matashiyar nan ta kammala ayyuka da dama, makin Job Success Score ya bayyana a shafinta, kuma idan ya kai kashi 90 ya ɗore tana iya samun tambarin Top Rated. Kwastomomi suna iya tace masu nema da wannan makin kai tsaye. Daga nan sharhin wanda ta gyara wa littafi shi ake fara karantawa, ita kuwa ProAdvisor sai ta riƙa sabunta ta duk shekara don sunanta ya ci gaba da fitowa idan an buga kalmar.