Mai Zuwa Cin Rani da Maganin Sida: Kada Guzuri Ya Ƙare a Hanya

A 1987 ne aka fara gane ciwon Sida a ƙasar Nijar. A lokacin nan babu maganin da ke tsai da shi, shi ya sa mutane suka ɗauke shi takardar mutuwa. Yau magana ta canja. Tun 2004 ake ba da maganin a ƙasar nan kyauta, kuma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka gwada aka tarar yana da ƙwayar cutar a fara ba shi magani, ba sai ya kwanta ciwo ba.

Abin da maganin ke yi

Maganin da aka fi ba manya yanzu ƙwaya guda ce a rana. Magunguna uku ne haɗe cikinta: tenofobir da lamibudin da dolutegirabir. Aikinsu shi ne hana cutar yaɗo cikin jini. Idan ta kasa yaɗo, ƙwayoyin jini masu tsaron jiki sai su farfaɗo, mutum ya koma noma da kasuwa kamar kowa.

Amma maganin bai tumɓuke cutar. Tana ɓuya cikin wasu ƙwayoyin jiki, inda magani bai iya taɓa ta. Manomi ya san halin ƙuduji: irinsa na kwance cikin ƙasa shekara da shekaru, ya samu hali sai ya tsiro. Haka ita ma wannan cuta. Shi ya sa ake shan maganin kullum, har iyakar rai.

Awon jini

Ba a gane aikin magani da ido ko da ƙiba. Sai an ɗebi jini an ƙirga ƙwayoyin cutar cikin mililita guda, wato kamar ɗigo 20 na jini. Ana wannan awo wata 6 bayan fara magani, a sake a wata na 12, daga nan sau ɗaya kowace shekara.

Ga mafi yawan masu sha kullum, cikin wata 6 cutar na raguwa har na'ura ta kasa ganinta. Wannan ba warkewa ba ce. Amma wanda ya kai nan, ya kuma ɗore da shan magani, ba ya sa wa matarsa cutar ta hanyar kwanciya. Haka ita ma mace ga mijinta.

An gwada maganar. Wani bincike da aka fitar a 2011 ya bi mata da miji 1,763, wasu cikinsu a ƙasashen Afirka, inda ɗaya ke da cutar ɗaya bai da ita. Fara magani da wuri ya rage kamuwa da kashi 96 cikin 100. Wani binciken na ƙasashen Turai da aka fitar a 2016 ya ƙirga saduwa wajen 58,000 ba da kwaroron roba ba, tsakanin masu zama tare inda mai cutar ke da ƙwayoyi ƙasa da 200 cikin awo. Ba a samu ko mutum guda da ya ɗauka daga abokin zamansa ba.

Misalin mai cin rani

A ɗauki misalin wani magidanci na karkarar Tawa. Matarsa ba ta da cutar. Ya fara magani da damina, awonsa na wata 6 ya nuna na'ura ba ta ga komi ba. Bayan an kai amfanin gona rumbu, sai ya kama hanyar Abijan da maganin wata 3. Aiki ya riƙe shi har wata 5.

Wata biyun nan da ya yi ba magani, jikinsa bai gaya masa komi ba. Ba zazzaɓi, ba zawo, ba rama. Ga shi kuwa cikin makonni kaɗan cutar ta fito daga maɓuyarta ta ci gaba da yaɗo. Ranar da ya komo gida, takardar awon da ke aljihunsa ta zama tsohon labari: yana iya sa wa matarsa cutar.

Abin da ya kamace shi shi ne ya wuce gidan likita tun kafin ya huta gajiya, ya faɗi gaskiyar kwanakin da ya yi bai sha ba. Za a mai da shi bisa magani. Shi da matarsa su yi aiki da kwaroron roba har sabon awo ya nuna cutar ta sake kwantawa. Idan sun riga sun sadu, matar ta je da sauri, domin akwai maganin kariya na kwana 28 da ake farawa kafin awa 72 ta wuce, sa'an nan a gwada ta.

Idan awon mai shan magani ya haura 1,000, likita zai zauna da shi su binciko abin da ke hana shi sha, a sake awo bayan wata 3. In ya sauka, to rashin sha ne. In bai sauka ba alhali yana sha, likita zai duba ko cutar ta saba da maganin. Wannan sabo na zuwa ne idan ana sha ana fashi: maganin da ke cikin jini bai isa ya danne cutar ba, sai masu taurin kai cikinta su yawaita. Mai irin wannan sai an canja masa magani, kuma magungunan canji ba su da yawa.

Duk wannan wahala ana kauce mata tun kafin tashi. Mai tafiya ya gaya wa likita inda za shi da watannin da zai yi. Wanda awonsa ya yi kyau ana iya ba shi na watanni da dama a haɗe. Ya riƙe katinsa mai sunan maganin, don ya nemi irinsa a gidan likitan can tun nasa bai ƙare ba.

Wajen sha

Kowa ya zaɓi lokaci guda da ba ya wuce shi, kamar bayan sallar isha'i. Mai wannan lokaci ko azumi bai ɓata masa tsari. Wanda ya manta ya sha da zarar ya tuna, amma kada ya haɗa biyu don ramuwa. Maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki da wasu magungunan gyambon ciki suna rage shigar dolutegirabir cikin jini, don haka a tambayi likita tazarar da za a bari tsakaninsu. Mai shan maganin tarin huka kuma ana ƙara masa dolutegirabir sau ɗaya a rana.

Iyakar maganar

Kariyar nan ta kwanciya ce. Ba ta hana ciwon sanyi ko tunjere, ba ta hana ɗaukar ciki. Ga uwa da jariri kuwa, in ba magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na ɗauka wajen ciki ko haihuwa ko nono. Idan uwa na sha kullum haɗarin na raguwa ƙwarai, amma ta hanyar nono bai gushe ɗungum ba. Saboda haka ta ci gaba da shayarwa tana shan maganinta, a ba jariri nasa na kariya, a riƙa gwada shi har bayan yaye.

Yanzu da kaka ta gabato, mai shirin tafiya ya ƙirga ƙwayoyinsa kamar yadda yake ƙirga kuɗin mota: guda 30 ga kowane wata, da ƙari saboda jinkirin hanya.