Bayan An Ajiye Waya, A Rubuta Imel

Wata 'yar kasuwa ta yi ciniki da dillali ta waya: shinkafa buhu 200, zai kawo mata Zariya daga Kano. Ciniki ya faɗa, amma magana zarar bunu ce. Bayan mako biyu sai a ji dillali yana cewa kuɗin mota ba ya ciki.

Maganin wannan shi ne ta tura masa imel a ranar, kafin a manta. Ta fara da cewa, "Alhaji, ga abin da muka tsayar a wayarmu ta yau Talata." Sai ta kawo nauyin buhu, kilo 50, da farashin kowane buhu da jimillar kuɗin, a lamba da kuma kalmomi, domin sifili ɗaya kan ɓata lissafi.

Wajen kawo kaya aka fi samun saɓani. Kada ta rubuta "mako mai zuwa". Ta sa kwanan wata da adireshin shagon. Ta fayyace wanda zai biya direba da 'yan dako, da wanda zai ɗauki asara idan buhu ya jiƙe a hanya.

Kada ta cusa sharaɗin da ba a ambata a waya ba, don hakan na zubar da amana. Ta rufe da roƙon ya amsa da "na amince" ko ya gyara. Imel ɗin da ba a amsa ba hujja ce mai rauni, saboda haka kada ta tura kafin alƙalami sai amsarsa ta iso.